Yana so ya turo bayan Sallah, ni kuma ban shirya ba

Wata 'yar Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Sati shida ke nan da haɗuwarmu a bikin ƙawata. Ɗan Daura ne, yana da kirki, kuma har ga Allah ya kwanta mani. Amma kira sau biyar a rana, ya aiko mani da sabuwar waya, jiya kuma ya ce zai turo magabatansa bayan Babbar Sallah. Ina ajin ƙarshe, ko gidansu ban sani ba. Wane irin saƙo zan tura mashi ya sassauta ba tare da ya ɗauka korarsa nake ba?

Maman 'yan biyu: Ƙanwata, mijin aure kika samu kina neman a ja baya? Wasu shekara uku ana zuwa masu zance ba a taɓa maganar turowa ba. Ki gode wa Allah ki bari ya turo.

Anti daga Daura: Maman 'yan biyu, ba ta ce ba ta so ba. Ɗiyata, ki yi magana kafin manya su shiga, don da zarar an kai gaisuwa an karɓa, magana ta bar hannunki, kuma shirun budurwa a wurin iyaye yarda ne.

Ki guji "zan yi shawara" da "mu bar wa Allah". A wurinmu waɗannan ƙi ne cikin ladabi, haka zai fassara su. Ki fara da abin da kunnensa ke jira, cewa kina yi da shi. Sai dalili guda ɗaya wanda ya shafe ki, ba laifinsa ba. Sannan ki yanke lokaci, domin jira marar wa'adi shi ke sa namiji zargin akwai wani. Kamar haka:

"Malam, barka da dare. Na ji daɗin maganar jiya, ta nuna mani da gaske kake, ni ma ba wasa nake ba. Alfarma ɗaya nake roƙo: a ɗaga turowar har in gama jarabawa, wata uku ke nan. Ina so in yi istihara hankalina kwance, Baba kuma ya samu damar yin bincike kamar yadda aka saba. Kafin nan ƙofa a buɗe take, ka riƙa zuwa gida ranar Juma'a. Ina fatan za ka fahimce ni."

Kada ki haɗa da ƙorafin yawan kira a saƙon nan, sai ya zama tuhuma. Wannan ki gyara shi daga baya da baki: "Da rana ina aji, bayan isha'i na fi samun natsuwar hira da kai."

Ɗalibar FCE: Ni da sauƙi nake yi. Ki ce Baba ne ya ce sai kin gama makaranta, shi ke nan.

Anti daga Daura: In Baban ya faɗa, to. In bai faɗa ba, kada ki soma. Katsina da Daura tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, kuma ba a rasa wanda ya san wani. Kawunsa ya samu aminin Babanki a masallaci ya roƙa, Baba ya ce shi bai san zancen ba, ina za ki sa kanki? Gara ki fara gaya wa Mama gaskiya.

Wani magidanci a Ƙofar Marusa: Bari in faɗa maku abin da ke ran namiji. Yawanci tsoro ne ke kawo gaggawar nan. Ya san ba a nema cikin nema, shi ya sa yake so ya rufe ƙofa kafin wani ya riga shi. In babu wani, ki faɗa mashi ƙarara, rabin saurin zai tafi. Ni lokacin da uwargidana ta ce in dakata, kwana biyu ban kira ba don haushi, ranar ta uku na dawo da kaina. Saboda haka in ya ɗan yi shiru kada ki bi shi da ban haƙuri har ki janye maganarki. Wanda za ki ji tsoro shi ne mai cewa "in kina sona ki yarda yanzu", ko ya fara lissafa maki abin da ya kashe. Kuma ni da za ki ji tawa, ki faɗa da baki in ya zo zance, rubutu ba ya ɗaukar murya.

Wata 'yar Ƙofar Ƙaura: Yaya, in yana gabana kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba, zan dai tura rubutun da daddare. Wayar fa? Tana cikin kwalinta, ban buɗe ba.

Anti daga Daura: Ki kai wa Mama ta ajiye, ki gaya mashi tana wurinta har manya su san da shi.

Wani magidanci a Ƙofar Marusa: A'a Hajiya, a nan ban bi ki ba. Ga saƙon dakatawa, ga kyauta an ƙi taɓawa, duk a sati ɗaya? Zai yi mashi yawa.