Yaya zan yi da cin zarafin da ya faru kafin na fara rubutawa?

Jama'a, ina neman shawararku. Shugabana a wurin aiki yana zagina a gaban mutane, yana kuma yi mini barazanar kora. Na samu littafi mai ɗinki, wanda idan an cire shafi za a gane, ina rubuta rana, lokaci, wuri, ainihin kalmominsa da waɗanda suka ji, tun a ranar.

Matsalar ita ce mafi munin abin ya faru kafin na fara rubutun, kuma watan kawai nake tunawa, ranar ta ɓace mini. Idan na ƙirƙiri rana aka duba rajistar zuwa aiki ba ta dace ba, ina tsoron a ƙaryata littafin gaba ɗaya. Shin in rubuta shi da kwanan watan yau, in bayyana cewa tunowa na yi? Zai karɓu a matsayin hujja?