Minti goma a gaban masu intabiyu: ya kuka tsara shafukanku?

Ƙanwarku ta Agege: Salamu alaikum yayyena. Wani kamfanin kayan masarufi a Ikeja ya kira ni intabiyu ranar Alhamis. Sun ce in yi bayani da PowerPoint, minti goma, kan yadda za a ƙara ciniki a ƙananan shaguna cikin wata uku. Na riga na haɗa shafi 16. Waɗanda suka taɓa shiga, ya kuka yi?

Ɗan Obalende: Sha shida! Ƙanwata rage. Ni goma na yi, kowane shafi minti ɗaya. Na fara da tarihina da makarantun da na yi.

Antinku ta Idi-Araba: Ragewa kam dole, amma tarihin nan cire shi, takardunki na gabansu. Na sha zama cikin masu tantancewa, kuma abin da ke kayar da mutane shi ne ajiye amsa sai ƙarshe. Akwai wanda muka tsayar a minti na goma yana kan bayanin yawan mutanen Legas, bai kai ga shawararsa ba.

Bakwai sun ishe ki. Na farko take da sunanki, rabin minti. Na biyu amsarki gaba ɗaya a jimla guda, misali: a riƙa kai wa masu shago kaya sau biyu a mako, a ƙananan ƙunshi. Minti ɗaya. Na uku abin da kika gani da idonki. Kafin Alhamis ki zaga shago goma a Agege, ki tambaye su me ke fara ƙarewa, wa ke kawo musu, ko su ke zuwa sari. Shafi uku na gaba, kowane wata da aikinsa. Na bakwai yadda za a gane an ci nasara. Waɗannan biyar ɗin minti ɗaya da rabi kowanne, kin ga tara ke nan. Ɗayan da ya rage na tsautsayi ne.

Mai waya a Alaba: Tsautsayi kuwa. Ni ana tsaka da nawa aka ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi furojekta ya dawo, minti biyu sun tafi. Ki ajiye shi a PDF cikin filasha, ki buga kwafi huɗu a takarda.

Ƙanwarku ta Agege: Na gode Anti. To kuɗin da aikin zai ci fa, in saka? Ban san kasafinsu ba.

Antinku ta Idi-Araba: Saka, amma ki rubuta cewa ƙiyasinki ne, da yadda kika lissafa.

Ɗan Obalende: Anti a nan ban bi ki ba. Na saka, sai wani mai lissafinsu ya kama adadin nan shi kaɗai, duk lokacin tambayoyi a kansa ya ƙare.

Antinku ta Idi-Araba: Ka iya kare shi da ya tambaya?

Ɗan Obalende: Rabi da rabi dai.