Jinkirin hannun wasa ne ko na intanet?

Jama'a, ku taimaka min, sati biyu ke nan ina fama. In ina buga ƙwallo da wasu ta intanet a PS4, sai in danna fasin, ɗan wasan ya ɗan yi jim kafin ya saki ƙwallon.

Da na ɗauka laifin intanet ne, tunda da wayata nake haɗawa. Amma ping ɗina bai cika wuce 45 ms ba, kuma 'yan wasa ba sa tsalle-tsalle a fili. Da na kashe intanet na kara da kwamfuta, jinkirin ya ragu amma bai tafi ba. Na kunna Game Mode a talabijin, ya ƙara raguwa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne kebul. Na jona hannun da USB, ban ji bambanci ba. Wani abokina ya ce hannun yana ci gaba da amfani da Bluetooth ko an jona shi, sai an zaɓi Use USB Cable a saiti, kuma tsohon samfuri ma caji kawai yake yi. Ta yaya zan gane nawa wanne ne?

Kuma in na ɗauki yatsana da allon a bidiyo mai tafiyar hawainiya, firam nawa tsakanin dannawa da motsi ake ɗauka daidai ne?