Spider Solitaire: layina ba ya zama fanko a wasan iri biyu

Jama'a, don Allah a taimaka mini. A wasan iri ɗaya kusan kullum ina ci, domin duk jerin da na haɗa yana ɗaukuwa gaba ɗaya. Tun da na koma iri biyu, baƙi da ja, abin ya cuce ni. Ana iya ɗora 7 ja a kan 8 baƙi, amma ba sa tashi tare, sai layukan su cushe.

Ga inda na maƙale jiya. Layi na biyar saura kati ɗaya a kife, a kansa akwai 9 baƙi da 8 ja. Ina da 10 baƙi a buɗe, amma babu wani 9 da zai karɓi 8 ɗin. Dole na raba sababbin kati goma, Sarki ya faɗo a kan layin, shi ke nan ya toshe, tunda ba ya motsi sai zuwa gurbi fanko.

Shin tun farko gajeren layi ɗaya ya kamata in sa wa ido, ko da zan cakuɗa sauran? Kuma in gurbi ya buɗe, tunda wasan ba ya bari a raba kati sai an cike shi, Sarki zan sa, ko in fara warware cakuɗaɗɗun jeri da gurbin?