Na sauke murya daga 48 kHz zuwa 16 kHz, wani fito ya shigo ya ƙi fita

Nafi'u:
Salamu alaikum. Ina da hirarrakin da aka ɗauka a 48 kHz, wato samfur 48,000 na sauti a kowace daƙiƙa, ina son su koma 16 kHz. Na yi `y = x[::3]`, sai ga wani fito siriri a 2 kHz wanda babu shi a asali, harafin “s” kuma ya koma kamar ana kankare kwano. Na bi shi da filta mai yanke duk abin da ya haura 8 kHz, ko gezau. Ina matsalar take?

Sadiya:
Wa alaikumus salam. Filtarka ce ba ta da ƙarfi. Sauko da wurin yankan zuwa 6 kHz, ka kuma ƙara mata tsawo. Sa ta daga baya ma ya fi sauƙin lissafi, tunda samfur ɗin sun ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Injiniya Bashir:
Malama Sadiya, batun lissafi kina da gaskiya, zan dawo kansa. Amma ko wace irin filta ya sa daga baya ba za ta fisshe shi ba.

Nafi'u, fayil na 16 kHz ba ya iya riƙe sautin da ya wuce 8 kHz, wato rabin adadin. To sautin da ke sama da haka ba ɓacewa yake yi ba idan ka zubar da samfur biyu cikin kowane uku, ninkowa ƙasa yake yi. Na 10 kHz ya sauka a 6, na 14 kHz ya sauka a 2. Buɗe fayil ɗinka na asali ka duba zanen firikwansinsa, ina kyautata zaton za ka ga layi miƙaƙƙe a 14 kHz, ko a 18, domin shi ma a 2 yake sauka. “S” kuwa tana da ƙarfi har sama da 8 kHz, shi ne ya ninko ya hau kan muryar.

Gwada wannan ka gani da idonka:

```python
import numpy as np
n = np.arange(8)
a = np.cos(2*np.pi*10000*n/16000)
b = np.cos(2*np.pi*6000*n/16000)
print(np.allclose(a, b))
```

Zai ba ka `True`. Lambobin iri ɗaya ne sak. To yaya filta za ta gane wanne ne 6 na gaskiya, wanne ne 10 da ya ɓad da kama? Tsakuwa ana tsince ta ne kafin a kai niƙa, in ta shiga inji ta zama gari. Filtar da ka sa a 8 kHz bayan ka sauke ba ta ma sami abin yankewa ba, saman 8 babu komai a wannan fayil.

Koma kan na 48 kHz, a can ne 14 take nesa da 2, ka tace sannan ka zubar. `scipy.signal.resample_poly(x, 1, 3)` yana yin duka biyun a jere daidai. Kuma ga amsar Malama Sadiya: ba ya ɓata lokaci wajen lissafa samfur ɗin da za a zubar, na ukun da za a ajiye kawai yake lissafawa.

Nafi'u:
Injiniya na duba, layin yana nan a 14 kHz, ban taɓa jin sa ba saboda raunin sa. Da `resample_poly` fiton ya tafi. Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai faifai biyu da na riga na goge asalinsu.

Auwal:
Waɗannan ai mai sauƙi ne, ka mayar da su 48 kHz ka tace, sai ka sake saukewa. Ni haka nake ɗaga tsofaffin faifaina na 16.

Injiniya Bashir:
Auwal, ɗagawa ba ta dawo da abin da ya riga ya cakuɗe. Abin da ake yi shi ne a cusa sifiri biyu bayan kowane samfur. Wannan sai ya haifar da kwafin sautin a sama: na 2 kHz ya bayyana kuma a 14 da 18. A nan filta daga baya take zuwa, ta share kwafin, a ninka ƙarfi sau 3 don cike gurbin sifirin. Amma fiton Nafi'u yana nan zaune a 2 kHz, filta za ta ɗauke shi halastaccen sauti ta bar shi ya wuce.

Nafi'u, tunda fiton layi ɗaya ne tsayayye, `iirnotch`, filtar scipy mai cire siririn layi ɗaya, a 2000 Hz zai rage shi, da ɗan cizon muryar a wurin. Ƙarar “s” kam ta bazu cikin maganar, sai haƙuri.

Sadiya:
Na gamsu. Amma Injiniya, babu filtar da ke yankewa tsaf kamar wuƙa. In aka sa wurin yankan a 8 kHz daidai, na 8.3 zai ɗan tsallake ya sauka a 7.7. Ni zan fi son in fara yankewa tun daga 7, in sadaukar da saman.

Injiniya Bashir:
Ga hira zalla, ina tare da ke. In kuwa aikinsa nazarin furucin “s” da “sh” ne, wannan saman da kike sadaukarwa shi yake nema, gara ya tsawaita filtar, ko ma ya tsaya a 24 kHz da `resample_poly(x, 1, 2)`. Nafi'u, me za ka yi da faifan?