Kujera ɗaya ta rage, mutum biyu suka samu tikiti: ina kuskurena?

Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa manhajar sayen tikitin mota da Node da PostgreSQL. Jiya wata tafiya mai kujera 18 ta fito da tikiti 19. Na duba, mutum biyun ƙarshe sun danna ne tsakaninsu da milisakan 40 kacal. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne `seats_left` yana nuna 0 lafiya lau, bai koma -1 ba. Tsarina shi ne na karanta saura nawa da `SELECT`, in ya fi sifili na rage ɗaya a cikin kod, na mayar da `UPDATE`, sannan na rubuta tikitin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wani bawan Allah ya biya kuɗinsa ya rasa wurin zama. Don Allah me zan gyara?

Bashir:
Wa alaikumus salam. Na taɓa cin karo da irin wannan. Ka sa maɓallin ya mutu da zarar an danna shi sau ɗaya, domin mutane in intanet ya yi nauyi sai su yi ta dannawa. Ni tun da na yi haka tikiti bai sake fitowa biyu ba.

Hauwa'u:
Bashir, taka matsalar daban ce, kai mutum ɗaya ne ya danna sau biyu. Shi kuwa mutum biyu ne, kowa da wayarsa, maɓallin wannan bai san da zaman na wancan ba. Nasiru, ina ganin abin da ya rage maka shi ne ka kewaye matakan nan duka da `BEGIN` da `COMMIT`, su zama aiki guda. In ka yi haka babu mai shiga tsakani.

Malam Sani:
Hauwa'u, kin kama rabin igiyar. `BEGIN` da `COMMIT` suna tabbatar da cewa rage kujerar da rubuta tikitin za su faru tare ko su fasa tare, kuma lallai yana buƙatar hakan. Amma ba sa hana wani karanta layin da kai ma ka karanta. PostgreSQL in ba a canja masa ba yana aiki ne a matakin `READ COMMITTED`, inda `SELECT` na yau da kullum ba ya kulle komai.

Nasiru, bari mu bi abin da ya faru jiya daki-daki. Buƙatar mutum na farko ta iso, ta tambayi rumbun bayanai, aka ce saura 1. Kafin ta juyo ta rubuta, ta biyun ta iso ta yi tambaya iri ɗaya, ita ma aka ce mata 1, kuma gaskiya aka faɗa mata, tunda har lokacin ba a rubuta komai ba. Ta farko ta yi lissafinta a cikin kod, 1 a cire 1, ta rubuta 0. Ta biyu ma ta yi nata lissafin, ta rubuta 0 a kan 0. Shi ya sa ba ka ga -1 ba. Kowacce da tsohon labari ta yi aiki, kuma ramin yana nan ne tsakanin dubawa da rubutawa. Komai saurin sabarka ramin ba zai rufe ba, ƙanƙancewa kawai zai yi.

Maganin shi ne ka daina yanke hukuncin a cikin kod ɗinka, ka bar rumbun ya duba ya rage a umarni guda:

```sql
UPDATE trips
SET seats_left = seats_left - 1
WHERE id = $1 AND seats_left > 0;
```

Ga abin da ke faruwa in biyu suka iso tare. Wanda ya riga zai kulle layin tafiyar nan. Na biyu zai tsaya yana jira har na farko ya yi `COMMIT`. Da an sake masa, PostgreSQL zai sake gwada sharaɗin `WHERE` a kan sabuwar ƙimar, ya tarar da 0, sai ya wuce bai taɓa komai ba. Saboda haka bayan umarnin sai ka duba `rowCount`. In 1 ne, kujerar tasa ce, ka rubuta tikiti ka yi `COMMIT`. In 0 ne, ka yi `ROLLBACK` ka gaya masa an cika. Wannan dubawar ita ce mutane suka fi mantawa, domin `UPDATE` da bai samu layi ba ba ya ɗaga kuskure, shiru zai yi, kod ya ci gaba ya rubuta tikitin kamar ba abin da ya faru.

Ka kuma ƙara `CHECK (seats_left >= 0)` a kan teburin. Wata rana wani zai rubuta sabuwar hanyar sayarwa, misali ta ma'aikata, ya manta sharaɗin, to wannan ne zai tare shi.

Nasiru:
Allah ya saka da alheri, Malam, yanzu na gane dalilin sifilin nan. Amma ta yaya zan tabbatar ya gyaru? Ba zan iya danna waya biyu a milisakan ɗaya ba.

Malam Sani:
Ba sai ka yi gaggawa ba, kai ne za ka riƙe lokacin da hannunka. Ka buɗe taga biyu ta `psql`, ka sa tafiyar gwaji saura 1. A ta farko ka rubuta `BEGIN;` sannan umarnin nan na sama da lambar tafiyar a gurbin `$1`, za ka ga `UPDATE 1`, kada ka yi `COMMIT` tukuna. Ka koma ta biyu ka buga umarnin, za ka ga ta sandare ba amsa. Ka sha ruwa ka dawo, tana nan tana jira. Da ka yi `COMMIT;` a ta farko, nan take ta biyu za ta ce `UPDATE 0`. Ka mayar da tafiyar saura 1, ka sake gwajin amma ka ƙare da `ROLLBACK;`, za ka ga ta biyun ce ta samu kujerar. Bayan haka sai ka jefa wa manhajar kanta buƙatu da yawa a tare:

```bash
seq 50 | xargs -P 50 -I{} curl -s -X POST localhost:3000/trips/7/book
```

Ka fara gwada shi a kan tsohon kod domin ka ga ciwon da idonka. In gwajin bai iya fito da tikitin da ya wuce kima a tsohon ba, to wucewarsa a sabon ba hujja ba ce.

Aminu:
Ni bari na faɗi nawa don kada wani ya bi sahuna. A wani wurin da na yi aiki, makulli na sa a cikin manhajar kanta, buƙata ɗaya ta gama kafin wata ta shiga. Wata da watanni lafiya, har ranar da aka ƙara saba ta biyu saboda yawan jama'a. Kowace saba da nata makullin a ƙwaƙwalwarta, babu wadda ta san ta ɗaya. Matsalar ta dawo a makon. Da na koma `SELECT ... FOR UPDATE` sai na sake yin wani kuskuren, na riƙe kullen har sai kamfanin karɓar kuɗi ya amsa. Mutum ɗaya na neman katinsa a aljihu, duk masu son tafiyar nan suna layi a bayansa, hanyoyin shiga rumbun suka ƙare, shafin gaba ɗaya ya tsaya cak. Ban manta da daren nan ba.

Hauwa'u:
Na karɓi gyara, Malam Sani. To amma maganar Aminu ta kawo ni inda nake da shakka. In ba za a riƙe kulle lokacin biya ba, yaushe ake rage kujerar? In kafin biya ne, wanda ya fasa ya tafi da ita. In bayan biya ne, mun koma gidan jiya, mutum biyu sun biya kujera ɗaya.

Malam Sani:
Kafin biya ake ragewa, amma a matsayin ajiya mai wa'adi. Ka rage kujerar, ka rubuta tikitin da `status = 'held'` da lokacin ƙarewa, mu ce minti 10, ka yi `COMMIT` nan take. Kullen bai wuce ƙiftawar ido ba, mutum kuma ya je ya biya a natse. Sai wani ƙaramin aiki da ke zagayawa kowane minti ya kwashe waɗanda wa'adinsu ya cika ya mayar da kujerunsu.

Sai dai a kula, rige-rigen nan yana sake ɓullowa a nan. Saƙon cewa an biya zai iya isowa daidai lokacin da ƙaramin aikin nan mai shara ke soke ajiyar. Dabarar dai ita ce ta ɗazu:

```sql
UPDATE bookings SET status = 'paid'
WHERE id = $1 AND status = 'held';
```

Mai shara shi ma ya yi nasa da `'expired'` a kan sharaɗi iri ɗaya, kuma kada ya ƙara wa `seats_left` ɗaya sai in nasa ya taɓa layi. Ɗayansu kaɗai zai ci. Wani amfanin kuma, kamfanonin karɓar kuɗi sukan aiko saƙo ɗaya fiye da sau ɗaya, to na biyun zai tarar da `'paid'` ya wuce.

Zainab:
Nan ne fa ni har yau ban gamsu ba. A ce kuɗin ya iso a minti na 11, an riga an soke ajiyar, wani ya ɗauki kujerar. Kuɗin mutum ya fita daga asusunsa. A wurinmu muna sake gwada kama masa kujera, in babu mu mayar da kuɗin kai tsaye, amma mayarwar kan ɗauki kwanaki, shi kuwa tafiyarsa yau ce. Na so mu tsawaita wa'adin zuwa minti 20.

Aminu:
Hajiya, in kin tsawaita, lokacin cunkoso rabin motar zai zama ajiyar mutanen da ba za su biya ba, masu kuɗi a hannu suna ganin an cika. Ni na fi son a bar minti 10, sai dai kafin a soke a tambayi kamfanin kuɗin ko akwai biyan da ke kan hanya.

Zainab:
Ba kowane kamfani ke ba da wannan amsar a kan lokaci ba, Aminu. Mun gwada.

Nasiru:
Na dawo da sakamako. Tsohon kod, saura kujera 1, buƙatu 50: tikiti 7 suka fito, jikina har ya yi sanyi. Sabon kuwa 1 tak, na maimaita sau goma. Wani abu kuma da na gano a hanya, ashe `BEGIN` ɗina da `pool.query` nake aika shi, kowane umarni na iya bin hanyarsa daban, sai da na koma `pool.connect()` na riƙe guda har `COMMIT`. Na sa ajiyar minti 10 yanzu. Yaya Zainab, ku a wurinku idan kuɗin ya makara kuma akwai wata motar bayan awa ɗaya, kuna mayar da mutum can da kanku ne, ko sai kun tambaye shi?