Me za mu kira wurin zaman da ba na kowa ba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Abokan kasuwanci biyu ne suka saɓa a kan rabon jari, kuma dukansu sun yarda in shiga tsakani. Na farko ya ce a zo ofishinsa, na biyu ya ce ko ƙofar ba zai taka ba. Daftarin da lauyan ɗayansu ya turo da Turanci yake, a ciki ya rubuta "neutral venue". Ni da Hausa nake so in rubuta takardar gayyatar zaman, don kada wani ya ce an ɓoye masa wani abu a bayan Turanci. Wace kalma zan sa?

Ɗalibin fassara: Wa'alaikumus salam. Ai muna da ita, Malam: tsaka-tsaki. Ka rubuta "wuri na tsaka-tsaki", shi ke nan.

'Yar jarida: A ɗakin labarai "'yan ba-ruwanmu" muke cewa, kamar ƙungiyar ƙasashen da suka ƙi bin Amurka ko Tarayyar Sobiyat lokacin yaƙin cacar baka. Sai dai mutum ko ƙasa ake kira haka. "Ɗakin ba-ruwanmu" bai zauna mini a baki ba.

Tsohon mai sulhu: Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai wani aibin. Ba-ruwana halin wanda ya naɗe hannu ne, alhali wanda ya ba da ɗakinsa a zauna ruwansa ya yi tsundum. Tsaka-tsaki kuma, ɗana, yawancin masu karatu awo za su ji, wato rabin tafiya tsakanin wannan da wancan, ko abin da bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Wuri yana iya zama daidai a tsakiyar hanya amma mai shi surukin ɗayansu ne.

Abin da ake dubawa shi ne wa ke da iko da wurin: wa ke riƙe da makulli, wa ke tsaron ƙofa, wa ya biya kuɗin ɗakin, wa ya jera kujeru. A watan Yulin 1951 an fara tattaunawar tsagaita wuta ta yaƙin Koriya a Kaesong, garin da ke hannun sojojin ɓangaren Koriya ta Arewa. Masu gadi da bindiga nasu ne, kuma kujerar da aka ajiye wa jagoran tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fi ta takwaransa gajarta. Zaman ya tsaya a watan Agusta, sai a Oktoba aka ci gaba bayan an koma Panmunjom, inda ɓangarorin biyu suka yi tarayya wajen tsaro. A can aka sa hannu ranar 27 ga Yulin 1953. Tsakanin wuraren biyu tafiyar 'yan kilomita ce, ikon wurin ne ya sauya. Shi ya sa ni "wurin tsakani" nake rubutawa, daga mai shiga tsakani, wato wurin da ke hannun na uku.

Wani ɗan kasuwa: Baba, ni dai na taɓa zuwa irin wannan zaman ni kaɗai, na tarar da mutum shida a ɗaya gefen teburin, har da lauya. Ɗakin haya ne, ba na kowa ba, amma ban iya buɗe baki ba. A ganina "tudun mun tsira" ya kamata a ce, inda mutum zai ji ba za a ci masa fuska ba.

Ɗalibin fassara: Tudun mun tsira ai mafaka ce bayan an kuɓuta daga haɗari, Alhaji. Idan aka sa shi a takarda kamar an ce ɗayan mai farauta ne.

Tsohon mai sulhu: Kalmar ba ta dace ba, amma abin da ya same ka, Alhaji, shi ne rabin maganar. Ɗaki ba ya gyara zama idan ba a ƙayyade masu shiga ba. Malam mai tambaya, turo mana abin da ka rubuta mu gani.

Mai tambaya: Ga shi: "Bisa buƙatar ɓangare na farko, ana kiran ku da mutanenku zuwa zama domin sauraron ƙorafin da ake yi a kanku."

Tsohon mai sulhu: Da ni ne na biyun, ba zan zo ba. "Bisa buƙatar ɓangare na farko" ya mai da shi mai gida, ɗayan kuma baƙo. "Ana kiran ku" ƙanshin sammaci yake yi. "Ƙorafin da ake yi a kanku" ya riga ya raba mai ƙara da wanda ake ƙara tun ba a zauna ba. "Mutanenku" kuwa ita ce ƙofar da mutum shidan nan na Alhaji suka bi suka shigo.

Ga yadda zan sa: "Ina gayyatar ku duka biyu zuwa zama a kan batun rabon jarin da ke tsakaninku. Na kawo wurare uku a ƙasa, babu wanda ke hannun ɗayanku. Kowa ya soke wanda bai yi masa ba guda ɗaya, a zauna a wanda ya rage. Kuɗin ɗakin rabi da rabi ne. Kowane ɓangare zai zo da mutum uku, har da mai maganar kansa, kuma a turo mini sunayensu da matsayinsu kwana biyu kafin zaman. Idan ɗaya zai zo da lauya, zan sanar da ɗayan a ranar. Zuwa wannan zama ba amsa laifi ba ne, ba kuma janye wani haƙƙi ba ne."

Takarda ɗaya ce, ka sa sunayensu biyu a kai, ka tura musu a lokaci guda. Wanda ya ji labari a bakin abokin rigimarsa kafin tasa ta iso zai ɗauka an gama shirya komai ba da shi ba. In duka sun soke wuri ɗaya, biyu suka rage, kai ka zaɓa, amma ka rubuta hakan tun farko. Alamar da za ka gane shirin ya karkace ita ce ɗaya ya fara ɗaga rana sau biyu ba dalili, ko ya tambaye ka "wa ya zaɓi wurin?"

'Yar jarida: Batun matsayin nan ba ƙarami ba ne. Da shugaban Sin Xi Jinping ya gana da shugaban Taiwan Ma Ying-jeou a Singafo a Nuwamban 2015, ba wanda ya kira ɗan'uwansa shugaban ƙasa. Sun yi amfani da laƙabin girmamawa na kowa da kowa, kamar mu ce Malam, kuma sun raba kuɗin liyafar. Amma Baba, "wurin tsakani" bai kama irin wannan ba. Ba wanda ya zauna a tsakaninsu yana sulhu, wuri kawai aka ba su.

Ɗalibin fassara: Kuma teburin tattaunawar kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam a Faris fa, da aka kwashe makonni ana jayayya a kan siffarsa har Janairun 1969? Rigimar ita ce ɓangare biyu ne ko huɗu. Wannan kam ba sunan wuri da zai warware shi. To me zai hana mu ce "wurin yarda", tun da amincewarsu ce ke mai da shi haka?

Tsohon mai sulhu: Yarda kaɗai ba ta isa ba, ɗana. Mai rauni yakan yarda da ofishin mai ƙarfi don ba shi da yadda zai yi. Hajiya kuma, mai masaukin da ba ya goyon kowa shi ma na uku ne, ko bai ce uffan ba.

'Yar jarida: Ban gamsu ba tukuna, Baba. A labari zan ci gaba da cewa "ƙasar da ba ta goyon bayan kowane ɓangare", ko da ta yi tsawo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. A kan takardar na rubuta "wurin tsakani", a ƙarƙashi na bayyana shi da "wurin da ba ya hannun ɗayanku, wanda ku biyu kuka amince da shi". Na kuma cire "mutanenku". Saura tambaya ɗaya: na biyun yana so matarsa ta zo, domin da kuɗinta a cikin jarin. A cikin ukun nan zan ƙirga ta, ko ita ɓangare ce mai zaman kanta?